An ce an ɗauke ka: cinikin albashi tsakanin kiran waya da sa hannu

Yawancin ayyukan albashi a Maradi ta waya ake fara sanar da su. Bayan jarrabawa da ganawa, sai jami'ar da ke kula da ma'aikata ta kira ka ta ce kwamiti ya zaɓe ka, albashin jikka kaza ne, yaushe za ka iya farawa. Daga wannan kira zuwa ranar da za ka sa hannu a kwantiragi, kwanaki ne kaɗan, wani lokaci mako ɗaya, wani lokaci biyu. A cikin waɗannan kwanaki ne kaɗai maganarka ke da nauyin da ba ta taɓa samu ba, kuma ba za ta sake samu ba sai an daɗe. Sun riga sun kashe lokaci da kuɗi wajen tace takardu da zaman kwamiti, sun ajiye sauran ƴan takara, kuma akwai aikin da ke jiran wanda zai riƙe shi. Kai kuwa ba ka saki komai ba tukuna. Da zarar ka sa hannu, duk abin da ka nema ya zama roƙo, sai a ce ka bari a ga ƙarshen shekara.

Abin da na fi ganin yana cutar da mutanenmu a wannan gaɓa shi ne suna ɗaukar adadin da aka faɗa a waya a matsayin abin da ake ciniki a kai. Wani ya ji adadin ya fi abin da yake samu, sai ya ce na amince tun kafin a kashe waya. Wani kuma ya ji an ce ana ciniki, sai ya ƙara jikka ɗari a kai ba tare da wata hujja ba. Dukansu biyu cinikin biri a sama suka yi, domin adadin waya bai faɗa maka abin da zai shiga aljihunka ba, bai faɗa maka wata nawa zai yi yana shiga ba, bai kuma faɗa maka nawa aikin kansa zai ci daga ciki ba. Sai ka san waɗannan uku kafin ka san ko akwai abin nema, da kuma ko lokacin amincewa ya yi.

Bari mu bi misali ɗaya daga farko har ƙarshe. Mu ce magidanci ne mai mata ɗaya da ɗa ɗaya, yana riƙe da lissafin kuɗin wata makaranta mai zaman kanta a cikin garin Maradi shekara huɗu, da kwantiragin da ba shi da wa'adi, wato CDI. Jikka 200 yake karɓa a hannu duk wata, an yi masa rajista a CNSS, asusun ƙasa na fansho da kariyar ma'aikata, amma ba shi da inshorar lafiya. Sai wata ƙungiyar agaji ta kira shi ta ce ta ɗauke shi mataimakin mai lissafi, albashi jikka 300. A kunne, ƙarin jikka 100 ne.

Amsar da ta dace a wayar nan gajera ce. Ya yi godiya, ya nuna farin cikinsa a fili, domin da gaske yana son aikin, sannan ya ce: "Hajiya, don Allah jikka 300 ɗin nan burut ne ko net? Kuma ina roƙon a turo mini tayin a rubuce, da lissafin abin da za a cire, in duba, zan ba ku amsa zuwa jibi in sha Allah." Wannan bai zama ƙin tayi ba, bai kuma zama rashin kunya ba. Ma'aikatar da ke da tsari tana jin irin wannan tambaya kullum, kuma mai lissafin albashinta yana iya fitar da takardar gwaji cikin minti kaɗan.

Kusan kullum amsar ita ce burut, wato kafin a cire komai, ba net ba, wato abin da ke zuwa hannu bayan an cire. Abu biyu ake cirewa daga albashin ma'aikaci mai zaman kansa a Nijar. Na farko kason ma'aikaci na CNSS, kashi 5.25 cikin ɗari, wanda a kan jikka 300 ya kama sefa 15,750. Na biyu harajin albashi, ITS, wanda ke hawa mataki-mataki: kashi 1 cikin ɗari a kan ɓangaren farko na albashi, har zuwa kashi 35 a kan ɓangaren sama na manyan albashi. Ana yi wa mutum rangwame gwargwadon iyalin da ke wuyansa, shi ya sa mutum biyu masu burut ɗaya ba lalle su karɓi net ɗaya ba, kuma shi ya sa bai kamata ka dogara da abin da abokinka ya ce yana karɓa ba. Mutuminmu mai iyali biyu, harajinsa zai zo wajen jikka 30. Abin da zai rage masa ke nan kimanin jikka 254. Ƙarin jikka 100 ya koma 54 tun ba a je ko'ina ba.

Sai takardar tayi ta iso, da layuka biyu da ba a ambata a waya ba. Wurin aiki Dakoro ne. Kwantiragin kuma mai wa'adi ne, wato CDD, na wata goma.

A nan ne ya kamata mutum ya zauna da takarda da alƙalami, ya kuma sa matarsa a cikin lissafin, don ita ta fi shi sanin abin da gida ke ci. Dakoro ta wuce kilomita ɗari daga Maradi, ba wurin da za a je da safe a dawo da yamma ba ne. Ba zai kwashe iyali saboda aikin wata goma ba, don haka gida zai zama biyu. Mu ce ɗaki a can jikka 25, zuwa gida sau biyu a wata jikka 15, abinci da ruwa da sauran ƙananan buƙatun mutumin da ke zaune shi kaɗai jikka 30 a kan abin da da ma yake ci a gidansa. Jikka 70 ke nan. Idan aka cire daga 254, saura 184. Aikin da aka ce ya fi nasa da jikka 100 ya koma ƙasa da nasa da jikka 16.

Ba a gama ba. Aikinsa na yanzu yana kawo jikka 2,400 a shekara, kuma babu ranar ƙarewa a jikinsa. Sabon yana kawo 184 sau goma, wato 1,840. Idan ba a sabunta ba, ya yi wata biyu kacal yana neman wani, to abin da ya samu a shekarar bai wuce jikka 153 a wata ba. Wanda ya zauna a Maradi a farkon 2025, lokacin da gwamnatin Amurka ta dakatar da yawancin tallafinta na ƙasashen waje, ya san cewa kalmar "akwai yiwuwar sabuntawa" ba ta hannun wanda ya faɗa maka ita. Shi ma jiran mai ba da kuɗi yake. Dokar ƙwadago ta 2012 ta yarda CDD ya kai shekara biyu, amma ƙungiya ba ta rubuta wa'adin da ya wuce kuɗin da ke hannunta. Saboda haka tambayar da ta fi amfani ita ce: yaushe kuɗin furojen da za a ɗauke ni dominsa zai ƙare, kuma an riga an sa hannu da mai ba da kuɗin ko ana jira? Wannan tambaya ba ta ɓata wa kowa rai. A gaskiya ma tana nuna cewa mai lissafin da suka ɗauka ya san aikinsa.

Yanzu ya san abin da yake ciniki a kai. Kafin ya ɗaga waya sai ya tsayar wa kansa adadi ɗaya, wanda ba zai faɗa wa kowa ba: mafi ƙarancin abin da zai rage masa bayan an cire haraji da kuɗin zaman Dakoro, wanda ƙasa da shi barin aikinsa asara ce. Mu ce jikka 230 ya tsayar. Jikka 30 ɗin da ke kan albashinsa na yanzu su ne ladan haɗarin barin CDI zuwa CDD. Idan ya tara su shekara guda, za su riƙe gida kusan wata biyu in aikin ya tsaya. Ina ganin tsayar da wannan adadi tun kafin magana shi ne rabin aikin, saboda a tsakiyar waya, da murya mai daɗi a ɗaya gefen da zumuɗin sabon aiki a zuciya, mutum yana iya amincewa da abin da zai zo yana cizon yatsa a kai.

Sai kuma sanin inda ƙofa take. Ƙungiyoyin agaji, bankuna da kamfanonin sadarwa suna da jadawalin albashi: kowane muƙami yana da aji, kowane aji yana da matakai. Jami'ar da ta kira ka ba ta da ikon ƙirƙiro adadin da ba ya cikin jadawalin, kuma in ta ce maka "jadawalinmu ne," yawanci gaskiya ta faɗa. Mutane da yawa a nan suke tsayawa, su ɗauka magana ta ƙare. Amma jadawali bai hana a tambayi matakin da aka ɗora ka a kai ba. Sau da yawa sabon ma'aikaci mataki na farko ake sa shi, ko da ya zo da shekaru na gogewa, don kawai ba wanda ya tayar da maganar. Idan sanarwar aikin ta nemi gogewar shekara biyu, kai kuma kana da huɗu da takardar shaida, to kana da hujjar da jami'ar za ta iya ɗauka ta kai wa shugabanta ba tare da ta ji kunya ba. Wannan shi ne sirrin abin: ka ba ta abin da za ta iya karewa a gaban wanda ke sama da ita da kuma gaban mai binciken kuɗi. Tsadar buhun gero da kuɗin makarantar yaro gaskiya ne, amma ba ta da layin da za ta rubuta su a ciki. Shekarun aiki, sanin manhajar lissafin da suke amfani da ita, da wurin aikin da ya raba ka da iyali, duk suna da layi.

Ga yadda mutuminmu zai iya faɗa: "Hajiya, na duba takardar, kuma ina son aikin nan ƙwarai. Abu uku nake roƙo a duba mini. Sanarwa ta nemi shekara biyu, ni ina da huɗu, ga takarduna, ko za a ɗora ni a matakin da ya dace da su. Na biyu, tunda a Dakoro ne kuma iyalina suna Maradi, ko ƙungiya tana da masauki ko alawus na wurin zama. Na uku, in kuɗin furojen ya kai shekara, ina roƙon kwantiragin ya zama wata goma sha biyu. In aka daidaita waɗannan, a shirye nake in sa hannu."

A lura da jimlar ƙarshe. Ita ce ke sa a ɗauki buƙatunsa da muhimmanci, domin ta nuna wa jami'ar cewa in ta wahala ta samo, magana ta ƙare. A kuma lura cewa ya kawo dukkan buƙatun a zama ɗaya. Babu abin da ke gajiyar da mai ɗaukar aiki kamar wanda aka ba shi ɗaya ya dawo da wata, aka ba shi ita ya tuno ta uku. A karo na uku sun fara tunanin wanda ya zo na biyu a jarrabawa. Zagaye ɗaya mai kyau, in ta kama a yi na biyu gajere, ya isa.

Akwai abu ɗaya da nake roƙon kowa ya guje masa: ƙirƙiro tayin da babu shi, ko ƙara wa albashinka na yanzu gishiri. Maradi ba ta da girman da za a ɓoye irin wannan. Jami'an ma'aikata sun san juna, sun yi makaranta tare, suna haɗuwa a taro da wajen biki da ta'aziyya, kuma wasu ƙungiyoyi suna neman takardar albashinka ta ƙarshe kafin su rubuta kwantiragi. Ga wanda ake shirin damƙa wa lissafin kuɗi kuwa, ƙarya ɗaya a kan adadi ta isa a janye tayin gaba ɗaya. In da gaske kana da wani tayin, faɗi shi a sauƙaƙe, ba da sigar barazana ba.

Mu ce bayan kwana biyu jami'ar ta dawo da amsa: an ɗaga shi mataki, burut ya zama jikka 340, akwai ɗaki a masaukin ƙungiya a Dakoro, kwantiragi wata goma sha biyu, don kuɗin furojen ya kai har can. A sake lissafi. A kan 340, CNSS zai ɗauki 17,850, haraji ya haura zuwa wajen jikka 38, net ya zama kimanin 284. Wato ƙarin jikka 40 a burut ya kawo 30 ne kawai a hannu, saboda ƙarin ya faɗa a matakin haraji mai nauyi. Ɗakin kuwa ya cire masa jikka 25 daga abin da zai kashe. Yanzu 284 a cire 45, saura 239. Ya haura adadin da ya tsayar wa kansa. Wannan ya nuna dalilin da ya sa nake ganin ya fi kyau mutum ya sa ƙarfinsa a kan abubuwan da ke rage masa kashe kuɗi maimakon ya zuba shi duka a kan burut. Ɗakin da ƙungiya ta riga ta kama haya bai ƙara mata komai a kasafi ba, don haka bayar da shi ya fi sauƙi, amma a aljihun ma'aikaci ya kusa kai ƙarin matakin nan. Sai dai a tambayi mai lissafin albashi ko za a ƙidaya masaukin ko wani alawus cikin abin da ake yi wa haraji, don kada takardar albashin farko ta zo da mamaki.

Inshorar lafiya ta cancanci a tsaya a kanta, domin mutane suna rikita ta da CNSS. CNSS tana kula da fansho, da haɗarin da ya samu mutum a bakin aiki, da kuɗin tallafin iyali. Ba ita ke biyan kuɗin asibiti da magani in zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da yaro a damina ba. Wannan sai inshorar da ma'aikata ta saya wa ma'aikatanta, in tana da ita. Idan aka ce maka "akwai inshora," maganar ba ta cika ba. Kashi nawa take ɗauka, 80 cikin ɗari ko duka? Ta haɗa da mata da yara, kuma yara nawa? Mai mata biyu ya tambaya a fili ko duka biyun sun shiga. Tana farawa ranar da ka fara aiki ko sai bayan lokacin gwaji? Akwai asibiti da kantin magani a Maradi da ke karɓar katinta, ko sai ka biya daga aljihunka ka jira a mayar maka? Ga magidancin da bai taɓa samun inshora ba, wannan na iya zama abu mafi daraja a cikin tayin, kuma dalili ne mai kyau na karɓar albashin da ya ɗan gaza abin da ya so. Haka ma albashin wata na goma sha uku, da kuɗin goron sallah, da kuɗin kwana in an tura ka aiki ƙauye: al'adar wasu ma'aikatu ce, kuma abin da aka rubuta ne kawai za ka iya nema gobe.

Akwai kuma abubuwan da ba a ciniki a kansu domin doka ta riga ta ba ka, kuma bai kamata a lissafa maka su a matsayin alheri ba. Rajista a CNSS wajibi ce a kan mai ɗaukar aiki. Hutun shekara kwana biyu da rabi ne a kan kowane watan aiki. Hutun haihuwa mako 14 ne. Makon aiki awa 40 ne a yawancin ma'aikatu, abin da ya haura kuma ana biyansa daban. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga sefa 30,047 zuwa 42,000 tun watan Janairun 2024. Wanda ya ce maka zai ƙara maka jikka goma in ka yafe rajistar CNSS, fanshonka da kariyarka ranar haɗari yake saye da araha. Wanda ke shakkar wani sharaɗi a cikin kwantiragi yana iya kai shi ofishin sufeton ƙwadago na jiha a duba masa kafin ya sa hannu.

Duk wannan bayani na ma'aikatu masu jadawali ne. A Maradi kuwa da yawan ayyuka suna hannun Alhazai ƴan kasuwa, masu shaguna da motoci da gidajen mai da makarantu, inda babu aji babu mataki, kuma tayin kansa kan zo da "ka fara zuwa, ba za mu samu matsala ba." A nan adadin yana motsi fiye da na ƙungiya, amma kunya ta fi yawa, musamman in Alhajin sa'an mahaifinka ne. Hanyar da ta fi aiki ita ce ta wanda ya haɗa ku. Shi zai iya cewa, "Alhaji, yaron nan yana da iyali, a yanka masa abin da zai riƙa ɗauka duk wata, ya san inda ya tsaya," ba tare da kowa ya ji nauyi ba. Abin da ba zan ba kowa shawara ba shi ne fara aiki ba a yanka adadi ba. Bayan wata guda duk abin da aka miƙo maka shi ne albashinka, kuma daga nan tayar da maganar ya zama kamar raina kyauta. Neman a rubuta ma yana da hanyarsa. Kana iya cewa banki na neman takardar aiki kafin a buɗe maka asusun albashi, ko CNSS na neman ta wajen rajista. In hakan bai samu ba, ko saƙon waya da ka tura bayan zaman, mai cewa "Alhaji, kamar yadda muka yi magana, jikka kaza a wata, daga ranar kaza," ya amsa da to, ya fi babu nesa ba kusa ba.

To yaushe ake cewa na amince? A ganina, lokacin da abin da ya rage bayan lissafi ya kai adadin da ka tsayar, kuma duk abin da aka yi maka alkawari ya shiga takarda. In waɗannan biyu sun cika, ka karɓa a ranar, da fara'a, kada ka sake jan magana don ka ga ko akwai saura. Mutuminmu da ya samu 239 a kan 230 ɗin da ya nema, in ya koma yana neman kuɗin mai da na katin waya, abin da zai samu bai kai abin da zai ɓata ba, domin mutanen nan su ne zai yi shekara yana aiki da su, kuma su ne za su yanke shawarar sabunta masa. Ana kuma gane cewa an kai iyaka in jami'ar ta daina cewa "bari in tambaya" ta koma ba ka dalili takamaimai, kamar cewa wanda ke kan wannan muƙami a Tasawa da Mayahi abin da yake karɓa ke nan. A nan ba rowa take yi ba. Ba za ta iya ɗaga ka sama da abokan aikinka ba tare da ta tayar da rigima a cikin gida ba.

Lissafin yana canzawa ga wanda ba shi da aiki a hannu. Wanda ya gama Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ya yi shekara yana ajiye takardu, abin da yake kwatanta tayin da shi ba jikka 200 ba ne, babu ce. Shi ma ya tambayi burut da net, ya nemi takarda, ya tabbatar da CNSS, amma adadinsa na ƙasa shi ne abin da zai biya kuɗin zuwa aiki da ci, ya bar masa wani abu. Takardar shaidar aiki ta shekara ɗaya da zai fita da ita ita ce hujjar da zai yi ciniki da ita a karo na gaba. Abin da zai iya nema ba tare da haɗari ba shi ne a rubuta cewa za a sake duba albashinsa bayan lokacin gwaji, da wata da rana.

Akwai kuma tayin da ya kamata a bari ko da adadin ya yi kyau. Wanda ya ƙi rubuta tayi bayan an roƙe shi sau biyu, ko ya ce ka ba da amsa yanzu-yanzu ko a ba wani, ko adadin takarda ya zo ƙasa da na waya aka ce "za a gyara daga baya," ya nuna maka yadda zai riƙa yi da kai. Wanda ya nemi ka biya wani kuɗi kafin a ba ka kwantiragi kuwa, babu aikin ma.

Kuskure mafi tsada shi ne ajiye aikin da ke hannu saboda kiran waya. Tayin baki yana rushewa ba tare da kowa ya yi mugunta ba: mai ba da kuɗi ya jinkirta, hedikwata a Yamai ba ta amince da matakin ba, an dakatar da furojen. CDD dole ne ya zama a rubuce, haka ma sharaɗin lokacin gwaji, don haka har sai ka ga takarda mai sa hannu da hatimi, abin da ke hannunka niyya ce kawai. Tsarin shi ne: takardar tayi ko kwantiragi mai sa hannu tukuna, sannan takardar ajiye aiki. Ka duba wa'adin sanarwar da ke kanka a tsohon wurin, wanda ga yawancin masu albashin wata wata ɗaya ne, ga manyan jami'ai kuma yakan kai uku, domin wanda ya tafi bai cika shi ba ana iya bin sa kuɗin kwanakin. Saboda haka ranar fara aiki ita ma abin ciniki ce, kuma ya kamata ta shiga cikin buƙatun zagayen farko. Ka kuma karanta tsawon lokacin gwaji da idon basira, domin a cikinsa kowane ɓangare na iya raba gari ba tare da sanarwa ba, kuma wanda ya bar CDI na shekara huɗu ya shiga gwaji mai tsawo ya ɗauki haɗarin da ya kamata ya sani tun kafin ya sa hannu.

Kafin mutuminmu ya bar makarantar, ya karɓi takardar shaidar aiki da kuɗin hutun da bai ci ba, ya kuma ba sabon wurin lambarsa ta CNSS ta dā, don shekarunsa huɗu su ci gaba da ƙirguwa a asusu ɗaya. Idan takardar albashin farko ta fito, ya ajiye ta kusa da takardar gwajin da aka ba shi lokacin ciniki, ya bi su layi-layi: burut 340, mataki kamar yadda aka amince, iyali biyu a wajen rangwamen haraji, 17,850 na CNSS. In wani layi ya saɓa, a watan farko ake kai shi ofis, tun wanda ya yi alkawarin yana kan kujerarsa kuma yana tune da maganar.